Gara Ta Cinye Mini Azara, Yaya Zan Yi?

Wani mai sauraro daga Katsina ya ce gara ta shiga azarar ɗakinsa, ya fesa magani amma ta dawo.

To Malam, waɗanda ka kashe ma'aikata ne kawai, fararen nan marasa ido da ke ɗebo abinci. Masu manyan kawuna sojoji ne. Sarauniya kuwa tana can ƙarƙashin ƙasa tare da sarki, tana zuba dubban ƙwai kullum, wataƙila a shurin da ke bayan gidanka. Shingen da ke tashi bayan ruwan farko su ne masu kafa sabon gida.

Gara ba ta jure bushewa, shi ya sa take gina hanyar laka a jikin bango don ta kai ga itace. Ka karya hanyar, ka dawo bayan kwana biyu. In ta gyaru, suna nan. Ka ƙwanƙwasa azarar, in ta yi ƙarar holoƙo, cikinta ya tafi, sai canji.

Maganin gaskiya a ƙasa yake. A haƙa ɗan rami kewaye da tushen gini, a zuba maganin gara mai sinadarin fifronil yadda takardarsa ta ce, nesa da rijiya. Ba ya kashewa nan take, ma'aikata ke kai shi cikin gidansu. Ka gyara indararon da ke jiƙa gindin bango, ka janye itacen girki daga jikinsa. Sabuwar azara kuma a shafe ta da magani kafin a ɗora.