Farin Haske a Idon Yaro: Gargaɗi Ga Iyaye a Tanda da Kewaye

Kowace shekara, ranar 15 ga Fabrairu, hukumomin lafiya na duniya kan ja hankalin jama'a kan ciwon daji na yara. A cikin ire-irensa akwai guda da uwa ke iya ganowa tun kafin likita ya gani, shi ne ciwon dajin ido da likitoci ke kira retinobilastoma. Yana tsirowa ne a can cikin ido, a jikin shimfiɗar da ke karɓar haske, kuma kusan duk waɗanda yake kamawa ba su kai shekara biyar ba. Bai da yawa, ana samunsa a yaro ɗaya cikin haihuwa 15,000 zuwa 20,000. Ƙarancin nasa ne ma ya sa ba a san shi ba, har a yi ta ba shi sunan wani ciwo.

Alamarsa ta farko ita ce farin haske a tsakiyar baƙin ido. Ba kullum ake ganinsa ba. Da almuru, an kunna tocila za a yi wa yaro shimfiɗa, sai ya juyo, uwa ta ga ido ɗaya ya ƙyalla kamar idon kyanwa cikin duhu, ta sake dubawa ta ga babu. Ko kuwa a ɗauki hoto da waya ranar suna, hasken ya buga, ido ɗaya ya fito ja, ɗayan fari fat. Jan shi ne na lafiya, domin hasken ya isa bayan ido ya dawo da launin jini. Farin kuwa yana nuna wani abu ya tare hanya. Kada a haɗa shi da hakiya, wadda ke zaune a saman ido kowa yana ganinta dare da rana. Wannan daga ciki yake leƙowa. Alama ta biyu ita ce ido ɗaya ya riƙa karkacewa, abin da muke cewa harara-garke.

Gaskiya ne ba kowane farin haske ne daji ba, yana iya zama yanar ido ta haihuwa ko wani ciwon jijiyoyin jini. Sai dai babu kaka, babu wanzami, babu mai sayar da magani a kasuwar Gaya ko ta Malanbil da ke iya bambance su da ido ƙuri. Kuma dukansu aikin likitan ido ne.

Jama'a, abin da ke kashe yaran nan jinkiri ne. A ce yarinya ce ƴar wata goma sha takwas, uwarta ta ga hasken nan lokacin shuka. Yarinya tana wasa, tana cin abinci, ido bai yi ja ba, ba ta kuka. Maigida ya ce a bari a gama aiki. Kaka ta ce a sa kwalli. Maƙwabciya ta kawo ragowar maganin ɗigawa. A wannan lokaci ƙullutun dajin yana cikin ido a rufe, kuma kusan duk yaron da aka kama a haka yana rayuwa. Bayan watanni, ƙullutu ya cika ido, ido ya yi ja, ya kumbura, yarinya ta daina barci. Daga nan sai ya bi jijiyar gani, wadda ta tashi daga bayan ido ta shiga ƙwaƙwalwa, ko ya fasa bango, ido ya turo waje. Sai a lokacin, kaka ta yi an sayar da wake, ake neman mota. A nan likita ba ya maganar gani kuma, rai yake nema, sau da yawa kuwa ya riga ya kuɓuce.

Ku dubi gobara. Wuta in ta kama bukka ɗaya a cikin gida, mai hankali ba ya tsayawa lissafin kuɗin zana. In ƙarama ce a kashe ta da ruwan tulu, bukka ta tsira. In ta ci rufi, sai a ture bukkar don a ceci rumbu da sauran ɗakuna. Wanda ya ce ba a taɓa masa bukka, da safe toka zai tarar. To, ƙaramin ƙullutu ana ƙone shi da hasken leza ko a daskarar da shi da sanyi, a haɗa da allurar maganin daji zagaye-zagaye, bayan kowane mako uku ko huɗu, galibi har sau shida, ido ya tsira. In ya cika ido, cirewa ce magani, kuma idon da ya kai haka ya riga ya daina gani. Bayan rauni ya warke a sa na roba, yaro ya yi makaranta da ɗayan.

Nan ne wasu iyaye ke aikata abin takaici. Likita ya ce a cire, sai uba ya ɗauki ɗansa cikin dare ya gudu, wai kada a ce ƴarsa ko ɗansa mai ido ɗaya ne, wa zai aure shi. Haba malam! Kunyar mutane ta fi ran ɗanka? Ƴaƴa amana ce da za a tambaye mu, kuma malamanmu sun sha faɗa cewa neman magani ba ya warware tawakkali. A yi addu'a, a yi sadaka, amma a yi su a kan hanyar asibiti. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya bi sawun yara sama da 4,000 na ƙasashe daban-daban: shekara uku bayan gano ciwon, a ƙasashe masu arziki fiye da 99 cikin 100 suna raye, a ƙasashe matalauta kuwa 57 ne. Ciwon ɗaya ne. Nasu ana kai su suna ƴan wata 14, namu sai sun kai wata 30.

Wanda ya ga alamar, ya tafi gidan likita na Tanda cikin makon nan, da hoton in akwai. Ya faɗa a fili cewa farin haske yake gani a cikin ido, ya nemi takardar turawa. Daga asibitin Gaya ko na Doso, a ƙarshe Yamai za a nufa, tafiyar kusan kilomita 300, inda akwai likitocin ido a Babban Asibitin Ƙasa da kuma cibiyar yaƙi da ciwon daji. Wanda danginsa ke Kamba, asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna na iya fi masa sauƙi. In an ba ka maganin ɗigawa aka ce ka koma gida ba tare da an leƙa cikin idon ba, kada ka zauna, ka wuce gaba. A babban asibiti za a ɗiga maganin buɗe baƙin ido, a sa yaro barci a duba idanu biyun, a ɗauki hoton eko. Kada a yarda kowa ya soka idon da allura ko tsinke, domin huda shi na buɗe wa ciwon hanya.

Ciwon ba ya yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, ba kambun baka ba ne, ba laifin abin da uwa ta ci ba ne. Amma kusan 40 cikin 100 na masu shi suna ɗauke da irin da ake gado, musamman waɗanda ya kama idanu biyu. Saboda haka a kai ƙanne da yayye ƙanana a duba su, kuma wanda ya warke, in ya girma ya haihu, a kai jaririn wurin likitan ido tun makonnin farko, ko da ba a ga komai ba.