Albashin Abuja ko na Kano: Me Ya Rage a Aljihu?

A ce matashi ya samu tayi biyu: Abuja naira dubu 300 a wata, Kano dubu 220 da gidan ma'aikata. Ido kan tafi ga babbar lamba.

Amma daga na Abuja za a cire kashi 8 cikin ɗari na fansho, sannan haraji. A ce dubu 250 ta rage. Haya a cikin gari ta fi ƙarfinsa, sai Mararaba: dubu 50 a wata, kuma ta shekara ake biya gaba ɗaya. Mota dubu 3 kullum, kwana 22, dubu 66 ke nan, ban da cunkoson Nyanya da ke cinye masa asuba. Saura dubu 134.

Na Kano kuwa, bayan cire-cire dubu 190. Babu haya, sai adaidaita sahu dubu 20 a wata. Saura dubu 170.

Kafin ya sa hannu, ya tambaya a rubuce: alawus ɗin gida yana cikin jimillar albashin, ko ƙari ne?