Yadda Kason Mayar Da Kuɗi Ke Tona Matsalar Kaya A Bayanan Oda

Mai sayar da kayan waya a intanet yakan ga kuɗi suna komawa hannun kwastomomi bai san wane kaya ne ke jawo asarar ba. Amsar tana cikin bayanan oda, in aka lissafa kason kowane kaya daban.

Lissafin shi ne: odar da aka mayar da kuɗinta, a raba da jimillar odar wannan kayan, a ninka da 100. Idan teburin `orders` yana da `product` da `refunded` (1 ko 0), ga yadda ake rubuta shi a SQL:

```sql
SELECT product, COUNT(*) AS total,
  100.0 * SUM(refunded) / COUNT(*) AS rate
FROM orders
GROUP BY product
HAVING COUNT(*) >= 50;
```

A ɗauka wani shago ya sayar da caja 1,000, aka dawo da 30. Murfin waya kuma 150 ya sayar, aka dawo da 18. Wanda ya kalli yawa kawai zai zargi caja, alhali kasonta 3 ne cikin 100, na murfin kuwa 12. Layin `HAVING` yana cire kayan da odarsu ba ta kai 50 ba, domin kayan da aka sayar sau huɗu aka dawo da ɗaya zai nuna kashi 25, kuma wannan ba hujja ba ce.

Kaso mai yawa alama ce kawai, bai faɗi dalili ba. Sai a duba abu biyu: yaushe aka dawo da kayan, kuma me kwastoma ya ce.

A ce murafan nan 18, an dawo da 15 cikin kwana biyu, kowa na cewa "bai shiga wayata ba". Da aka duba tallan, an rubuta "murfin iPhone mai inci 6.1". To, iPhone 12 da iPhone 13 duk inci 6.1 ne, amma gurbin kyamarar 13 ya fi girma, don haka murfin 12 ba ya zama mata daidai. Kayan lafiyarsu lau, bayanin ne ya ruɗi mutane. Gyara layi ɗaya ya isa, ba sai an rabu da dila ba.

Matsalar inganci kuwa takan bayyana bayan an yi amfani da kaya, da koke irin "ta daina caji". Idan irin wannan koken ya taru a kan kayan da suka shigo a sari ɗaya, a dakatar da sayar da ragowar, a tuntuɓi dila.

A kula da odar kwana-kwanan nan. Idan shago yana karɓar kaya har kwana 14, odar jiya ba ta samu lokacin dawowa ba, kuma sanya ta a lissafi zai rage kason. A lissafa odar da wa'adinta ya cika kawai.