In Kin Tsinci Takardar Bashi

Idan kika tsinci takardar rancen kofaretib a aljihun maigida, ko albashi ya fara ƙarewa tun tsakiyar wata, kada ki tare shi a ƙofa da ita. Kada ki kira Yayansa ko Hajiya tukuna. Da zarar surukai sun shigo, ya zama shari'a, shi kuma zai koma kare kansa.

Bari sai ya ci abinci, yara sun kwanta. Ki ce: "Baban Amina, na ga cefanen kasuwar Muda Lawal yana gagararmu. Nawa ake cirewa duk wata, yaushe zai ƙare?" Waɗannan tambayoyi biyun kawai. "Ina ka kai kuɗin?" ta jira wata rana, domin sau da yawa asibiti ne ko kuɗin makarantar ƙani, kunya ta hana shi faɗa.