Kuɗin da ke juyawa cikin kanti

Garin Cadawa yana bisa babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Damagaram. Yana da kasuwa mai ci kowane mako, inda manoma ke kawo gero da wake da aya. Mu ɗauka wani saurayi yana son buɗe kanti a nan. Ya tara jika 500. Kun san jika guda tamma 1000 ce ta sefa. Kafin ya sayi ko ƙwayar ashana, sai ya ɗauki kaye ya yi lissafi.

Da farko zai biya hayar ɗaki, ya sa kafinta ya buga masa kanta, ya sayi sikeli da kwado. Waɗannan sun ci jika 140. Kuɗin nan sun zauna, ba za su komo aljihunsa da wuri ba. Saura jika 360. Su ne jarin juyawa: kuɗi su zama kaya, kaya su sake zama kuɗi. Shin sun isa?

Yana tsammanin kowace rana zai sayar da kayan da ya saro jika 12. Amma kaya ba su fita ranar da suka zo. In aka haɗa masu gudu da masu nawa, sukan yi kwana 20 bisa kanta. Ke nan kullum akwai kayan jika 240 kwance cikin kantin, wato 12 sau 20.

Sai bashi. Mai kanti a garinsu ba ya iya hana kowa bashi, don masu sayen ƴan uwa ne da maƙwabta. A ce cikin jika 12 ɗin nan, kayan jika 4 bashi ake ɗauka, a biya bayan kwana 30. To, jika 120 ke nan suna hannun mutane. Yana kuma bukatar jika 30 cikin akwati don canji da kuɗin mota. Jimla 390.

Abin da ke gare shi 360 ne. Jika 30 sun kasa! In babban ɗan kasuwar da yake saro wa kaya a Maraɗi ya yarda ya riƙa bin sa jika 60, bukatarsa ta sauka zuwa 330, ya tsira. Sai dai ba a cika ba baƙon fuska kaya bashi ba. Gara ya rage kayan da ke daɗewa.

Yaya zai gane su? Ku dubi wannan misali. Ya sayi sukari na jika 30, ya ƙare cikin kwana 10, ribarsa jika 2. Ya sayi atamfa ta jika 30, ribarta jika 9, amma sai ta yi wata 4 kafin ta ƙare. Wanda ya dubi riba kaɗai zai ce atamfa ta fi. Mu ƙirga shekara kwana 360 don sauƙin lissafi. Kuɗin sukari sun juya sau 36, sun kawo jika 72. Na atamfa sun juya sau 3 kawai, sun kawo jika 27.

Haka ake auna kantin baki ɗaya. A raba kuɗin sarin kayan da aka sayar cikin shekara da kuɗin kayan da aka saba samu bisa kanta. A nan 12 sau 360 ya ba da 4320. In an raba da 240, a samu 18. Kayansa suna juyawa sau 18 a shekara. Da kuɗin sari ake wannan lissafi, ban da riba. Dabara mai sauƙi ita ce ya rubuta ranar zuwan kaya da alli a jikin kowane kwali. Kwalin da ya yi ƙura, rubutunsa ya tsufa, shi ne ya riƙe masa kuɗi.

Babban haɗari da damina yake. Lokacin nan rumbuna sun yi ƙasa, manomi yana cewa: "Rubuta, sai kaka." In bashin kwana 30 ya zama na kwana 90, jika 4 sau 90 sun kai 360. Jarin duka ke nan. Kaye ya cika da riba, kanta kuwa babu kaya.

Tashin farashi ma yana cin jari. A watan Janairu na 1994 an karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada. Wanda ya sayar a tsohon farashi ya kasa mayar da kayan da suka fita.

Aiki: Mai kantin ya rage kwanakin kayansa daga 20 zuwa 15. Jika nawa ne jarin juyawar da yake bukata yanzu, in ba a ba shi bashi a Maraɗi ba?