Kafe Kan Jadawali a Allon Kwamfuta da Maimaita Shi a Kowane Shafi

Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa tattara sakamakon jarrabawa a ƙarshen zangon karatu ya san cewa lamba ba ta faɗin sunanta. Idan ka ga 38 a cikin jadawali, ba za ka san ko makin jarrabawa ne ko jimla ba, sai ka ɗaga ido ka dubi abin da aka rubuta a samansa. Wannan rubutu na sama shi muke kira kan jadawali. Muddin jadawali gajere ne, babu wata damuwa. Amma da zarar ya yi tsawo, sai kan ya ɓace ta hanya biyu: a allon kwamfuta yakan haura sama ya shige idan ana gangarawa ƙasa, a takarda kuma yakan fito a shafin farko kaɗai. A wannan darasi za mu duba maganin kowace matsala a manhajar Excel, mu kuma nuna cewa magungunan biyu ne, ɗaya ba ya wadatar da ɗaya.

Jadawalin da za mu yi aiki da shi

Mu ƙaddara malama tana da ɗalibai 180 na ajin farko na babbar sakandare, ta kuma zuba makinsu na Lissafi a jadawali guda. Shimfiɗar Excel kamar ta dara take, gida-gida. Layukan kwance suna da lambobi, 1, 2, 3, layukan tsaye kuwa suna da haruffa, A, B, C. Kowane gida yana karɓar sunansa daga mahaɗar biyun, wato C4 shi ne gidan da layin tsaye na C ya haɗu da layin kwance na 4.

Malama ta rubuta sunan makaranta a layi na 1, darasi da zango a layi na 2, sa'an nan kanun a layi na 3: lambar ɗalibi a A, suna a B, gwaji na farko a C, gwaji na biyu a D, jarrabawa a E, jimlar wannan zango a F, jimlar zangon da ya wuce a G. Ɗalibai sun fara daga layi na 4, sun ƙare a layi na 183.

Ga inda haɗarin yake. Wata ɗaliba a layi na 120 ta sami 70 a F, da 38 a G. Lambobin nan biyu duk bisa ɗari suke, kuma maƙwabtan juna ne. Wanda yake kwafe maki zuwa katin sakamako ba tare da yana ganin kanun ba, yana iya ɗaukar 38 a madadin 70. Yarinyar da ta yi ƙoƙari ta ɗaga makinta sai ta kai wa iyayenta katin faɗuwa.

Mataki na farko: kafe kan a allo

Ƙa'idar kafewa guda ce, kuma wanda ya riƙe ta ba zai ruɗe ba. Excel yakan kafe duk layukan da ke sama da gidan da ka zaɓa, da duk waɗanda ke hagunsa. Malamarmu tana son layuka uku na sama su tsaya, tana kuma son lamba da suna su tsaya idan ta matsa dama. Saboda haka gidan da za ta zaɓa shi ne C4, domin layi na 1 zuwa na 3 suna samansa, A da B kuma suna hagunsa.

Da farko ta danna `Ctrl+Home` domin ta koma farkon jadawali. Sai ta danna gidan C4, ta shiga `View`, ta zaɓi `Freeze Panes`, ta sake zaɓar `Freeze Panes` a cikin jerin da zai sauko. Nan take siraran zane biyu za su bayyana, ɗaya a ƙarƙashin layi na 3, ɗaya a daman B. Yanzu ko ta gangara zuwa layi na 120, kanun suna nan a sama ba su motsa ba.

Kurakurai biyu ne suka fi yawa a nan. Na farko shi ne zaɓar `Freeze Top Row`. Wannan layi ɗaya tak yake kafewa, kuma shi ne wanda yake saman allo a lokacin. A jadawalinmu sunan makaranta zai kafe, ya bar kanun su tafi. Idan kuwa an riga an gangara har layi na 50 ya zama na sama, to ɗalibin layi na 50 zai kafe, layukan da ke samansa kuma ba za a iya komawa gare su ba sai an warware. Wannan ne dalilin fara komawa farkon jadawali. Kuskure na biyu shi ne kafewa alhali gidan da aka zaɓa yana can ƙasa, kamar C20. Layuka 19 za su tsaya cik su cinye yawancin allon, har mutum ya zaci kwamfutar ce ta ƙame. Maganin duka biyun shi ne `Unfreeze Panes`, sa'an nan a sake daga farko. Idan kuma aka tarar `Freeze Panes` ya dusashe ba ya dannuwa, a duba ko ana tsakiyar rubutu a cikin wani gida, ko kuma allon yana yanayin `Page Layout`. A koma `Normal`.

Mataki na biyu: maimaita kan a takarda

A nan ne mutane da yawa suke tuntuɓe. Sun ga kanun a tsaye a allo, sai su ɗauka haka za su fito a kowane shafi. A Excel kafewa umurni ne ga allo kaɗai, bai shafi na'urar bugawa ba. Dole a ba ta nata umurnin daban.

Malama za ta shiga `Page Layout`, ta danna `Print Titles`. Akwati zai buɗe a sashen `Sheet`. A gurbin `Rows to repeat at top` sai ta rubuta:

```
$1:$3
```

Ma'anar wannan ita ce daga layi na 1 zuwa na 3. Idan kanun kaɗai take so ba tare da sunan makaranta ba, sai ta rubuta `$3:$3`. Da jadawalin yana da faɗin da zai tsallaka zuwa wata takarda, kamar babbar takardar da ke ɗauke da darussa goma, sai ta cike gurbin `Columns to repeat at left` da wannan, domin kowane shafi ya fito da sunayen ɗalibai:

```
$A:$B
```

Sai ta danna `OK`. Kafin ta ɓata takarda ko ɗaya, ta danna `Ctrl+P` ta duba hoton shafi na biyu. Shafi na farko ba ya ba da shaida, domin ko an yi daidai ko ba a yi ba, kan zai fito a cikinsa.

Wani zai tambaya ko wannan ba zai ƙara cin takarda ba. Mu lissafa. Tsawon takardar A4 santimita 29.7 ne. Idan aka cire gefen sama da na ƙasa, kusan santimita 1.9 kowanne, saura kimanin 25.9. Layin da tsayinsa ya ɗan haura rabin santimita zai ba mu layuka wajen 48 a shafi. Ba tare da maimaitawa ba, layuka 183 za su ci shafi huɗu: ɗalibai 45 a na farko, 48 a na biyu, 48 a na uku, 39 a na huɗu. Da maimaitawa, kowane shafi zai ba kai layuka uku ya ɗauki ɗalibai 45, kuma 45 sau huɗu 180 ke nan. Shafi huɗun dai ne. Adadin yakan ɗan sauya gwargwadon girman rubutu, amma abin da za a ƙara ba ya wuce shafi guda a jadawali irin wannan.

Idan aka tarar gurbin `Rows to repeat at top` ya dusashe, galibi an shigo akwatin ne ta `Page Setup` da ke cikin hoton bugawa. A rufe, a biyo ta `Page Layout`. Haka nan yakan faru idan an zaɓi falle fiye da ɗaya na littafin aikin a lokaci guda, domin kowane falle da nasa umurnin. Kada kuma a rikita wannan da `Header/Footer`. Shi wancan rubutu ne a gefen takarda, ya dace da lambar shafi ko kwanan wata, amma ba ya daidaita da layukan tsaye na jadawali.

Me ya sa ba za a kwafa da hannu ba?

Wasu sukan kwafi layin kanun su cusa shi bayan kowane ɗalibi 45. Dabara ce mai kama da sauƙi, amma tana ɓata lissafi. Idan malama ta cusa layin sau uku, jadawalin zai ƙare a layi na 186, ta kuma ƙidaya ɗalibanta da wannan:

```
=COUNTA(B4:B186)
```

Amsar da za ta samu 183 ce, ba 180 ba, domin kalmar "Suna" ta shiga ƙidaya sau uku. Bugu da ƙari, ranar da ta jera ɗalibai daga mai babban maki zuwa ƙarami, kanun da ta cusa za su bar wurarensu su taru waje guda kamar su ma ɗalibai ne. Ko sabon ɗalibi ɗaya aka ƙara a sama, sai kowane kai ya zame daga farkon shafinsa. Umurnin `Print Titles` ba ya ƙara kome a cikin jadawali, a lokacin bugawa kaɗai yake aiki.

Idan jadawalin a Word yake

A zaɓi layin farko na jadawalin, a shiga `Layout` na jadawali, a danna `Repeat Header Rows`. Ana iya haɗawa da layi na biyu, amma tilas zaɓin ya fara daga na farko. Idan kan ya ƙi maimaituwa, a duba abu biyu: ko an raba jadawalin da hannu da `Ctrl+Enter`, ko kuma `Text wrapping` da ke cikin `Table Properties` yana kan `Around` maimakon `None`.

Kammalawa da aikin gwaji

Mun ga cewa kafewa ta allo ce, maimaitawa ta takarda ce, kuma jadawali mai tsawo yana bukatar duka biyun. Ga tambaya ga ɗalibai: rajistar aji tana da kanu a layi na 1 da na 2, sunaye kuma a A kaɗai. Wane gida za a zaɓa kafin a kafe, kuma me za a rubuta a gurbin maimaitawa? Wanda ya amsa B3, da `$1:$2`, da `$A:$A`, ya fahimci darasin. Malamai kuma su riƙe al'ada guda: kada a miƙa sakamako ga shugaban makaranta sai an buɗe shafi na biyu an ga kansa.