Ƙwan da ɓawonsa ya tsage: a ci ko a zubar?

Wata uwargida ta kawo mini ƙorafi: ta aiki yaro ya sayo kiret ɗin ƙwai, ya ɗauro shi a bayan babur, da ta duba sai ta ga uku daga cikin talatin ɗin suna da siririyar tsaga kamar silin gashi. Ba su zubo ba, ba sa wari. Ga tsadar ƙwai, zubarwa da ciwo. Shin za ta iya ba yara?

Amsar tana rataye ne a kan tambaya ɗaya: yaushe ƙwan ya tsage?

Ɓawon ƙwai yana da dubban ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, amma kaza kan shafe su da wani siririn rufi lokacin da take saka shi. A ƙarƙashin ɓawon kuma akwai tantani biyu, wato farar fatar nan da kike gani idan kina ɓare dafaffen ƙwai. Su ne katangar da ke tsare abin da ke ciki daga ƙwayoyin cutar da ke kan ɓawo, musamman salmonela, wadda ke zuwa daga kashin kaji. Tsagar da kike rainawa babbar ƙofa ce a wurin ƙwayar cuta. Da zarar ta shiga, zafi ne abincinta. A bazarar Kano ko Sakkwato, inda zafi kan kai digiri 40, ƙwan da ya kwana biyu a tsage a rumfar mai kanti ya riga ya zama abin tsoro.

To, ga hukuncin ƙwan uwargidan nan. Idan ta tabbata lafiyayyu aka zuba su a kiret, a hanya suka tsage, kuma babu danshi a jikin ɓawon, ta fasa su nan take cikin kwano mai tsabta, ɗaya bayan ɗaya, ta soya a ci a ranar. In tana da firjin da wuta ba ta yanke masa, za ta iya rufe kwanon ruf ta ajiye, amma kada ya wuce kwana biyu. Suyar kuma ta zama cikakkiya: fari da gwaiduwa duk su daskare, babu inda ya rage ruwa-ruwa. Masu ma'aunin zafi suna neman digiri 71 a tsakiyar wainar. Kada a sha shi ɗanye, kada a haɗa mayonis da shi.

Amma in a tsage aka sayo shi, ba ki san ranar da abin ya faru ba, ni shawarata a zubar. Haka wanda ya manne a jikin kiret, ko ya yi danƙo, ko aka ga kashin kaza kusa da tsagar, domin mannewar nan shaida ce cewa tantani ya yage, fari ya tsattsafo ya bushe. Na san ana sayar da fasassun ƙwai da rahusa a gonakin kaji, masu shayi da masu yin kek suna kwasa. Rahusar ba ta kai kuɗin ƙarin ruwa a asibiti ba.

Inda mutane ke ruɗuwa shi ne dogaro da hanci. Bara-gurbi yana tona asirin kansa da wari, salmonela kuwa ba ta sauya ƙamshi ko launi. Gwajin jefa ƙwai a ruwa ma tsufansa kawai yake nunawa, kuma tsoma tsagagge a ruwa tura masa datti ne ciki. Saboda wannan dalilin kada ki wanke shi da nufin gyarawa.

Gano tsagar ba wuya. Ki shiga ɗaki mai duhu, ki manna tocilar waya a jikin ƙwan kina juya shi. Tsaga za ta fito sarai kamar farin zare. Ko ki ƙwanƙwasa ƙwai biyu a hankali kusa da kunne: lafiyayye yana ƙara tsaf, tsagagge muryarsa a dushe take. Wanda ya tsage a tukunya ana cikin dafa shi kuwa, babu komai, a ci.

Idan an riga an ci, a sa ido daga awa shida zuwa kwana shida: gudawa, zazzaɓi, murɗar ciki, wani lokaci da amai. A dinga shan ruwan gishiri da sukari. In an ga jini a bayan gida, ko amai ya hana ruwa zama a ciki, ko gudawar ta wuce kwana uku, sai asibiti.

Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar, masu juna biyu, tsofaffi da masu fama da doguwar jinya su ne cutar ta fi kayarwa. Saboda haka na ce wa uwargidan ta soya ukun nan sosai manya su ci, yara kuma ta ɗebar musu daga cikin ashirin da bakwai ɗin da suka rage lafiya lau.